Haɗa ruwa duk wata da haɗa shi ba tsayawa: inda ake tafka kuskure

A lissafin ruwa kan ruwa, ana tara ruwan da uwar kuɗi ta haifa a mayar da shi cikinta, shi ma ya soma haihuwa. Ana iya yin wannan sau ɗaya a shekara, ko duk wata, ko kullum, ko kuma ba tsayawa, wato kowane lokaci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa na ba tsayawa zai yi wa na wata-wata fintinkau. Ko kusa.

A ɗauki naira miliyan ɗaya a kan kashi 12 cikin ɗari a shekara. In sau ɗaya aka haɗa, ƙarshen shekara kuɗin ya zama 1,120,000. In duk wata ne, 1,126,825. In kullum ne, 1,127,475. In ba tsayawa ne, 1,127,497. Tashi daga shekara-shekara zuwa wata-wata ya ƙara naira 6,825, amma daga wata-wata zuwa ba tsayawa naira 672 kacal aka samu. A miliyan guda! Ga yadda za ka gwada da kanka a Excel:

```
=1000000*(1+0.12/12)^12
=1000000*EXP(0.12)
```

Me ya sa tazarar ta tsuke haka? Duba wata guda kawai. Ruwan miliyan ɗaya a wata naira 10,000 ne. A tsarin wata-wata, wannan dubu goman tana jiran ƙarshen wata kafin ta shiga uwar kuɗi. A tsarin ba tsayawa, kowane kwabo yana soma aiki da zarar an same shi. Sai dai ba ranar ɗaya ga wata aka samu dubu goman gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan take taruwa, saboda haka in an daidaita, rabin wata kawai ta yi tana aiki. Kashi ɗaya cikin ɗari na 10,000 naira 100 ne, rabinsa naira 50. Wannan hamsin ɗin ita ce duk fifikon ba tsayawa a watan farko. Sau goma sha biyu ya ba da 600, sauran 72 ɗin kuma daga girman da kuɗin ke yi ne a cikin shekarar.

Wasu kuma suna jin "ba tsayawa" sai su ɗauka kuɗin ba shi da iyaka. Yana da ita. Jacob Bernoulli ya binciki wannan a 1683: in ruwa kashi 100 ne a shekara, komai yawan haɗawa, a shekara guda kuɗin ba zai wuce ninki 2.71828 ba, lambar da yanzu ake kira e. Wata-wata kuwa tuni ya kai ninki 2.613.

Akwai kuskuren saka lamba, wanda ɗalibai suka fi faɗawa ciki. A lissafin ba tsayawa, `A = P*e^(r*t)`, A jimillar kuɗin ce, P uwar kuɗi ce, r adadin ruwa na shekara ne, ana rubuta shi 0.12, t kuma shekaru ne. Wanda ya sa 12 a madadin 0.12, ko ya sa watanni 12 a gurbin t alhali r na shekara ne, amsarsa za ta yi tashin gwauron zabi. Alamar gane shi mai sauƙi ce: in amsar shekara guda a kan kashi 12 ta zarce ta wata-wata da fiye da naira dubu a miliyan, koma ka duba lambobinka.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, a ganina, shi ne barin adadin ruwan a tsaya kallon yawan haɗawa. Kashi 12 ba tsayawa daidai yake da kashi 12.06 wata-wata. Ke nan kashi 12.1 wata-wata ya riga ya doke shi, domin yana ba da kusan 1,127,940. Gyaran shi ne a mayar da kowane tayi zuwa ainihin abin da yake ƙarawa a shekara, a nan kashi 12.79 ga kashi 12.1 wata-wata da 12.75 ga kashi 12 ba tsayawa, sannan a kwatanta. Ko wanda ba ya hulɗa da ruwa saboda addini zai amfana da wannan, tunda lissafin hauhawar farashi ma haka yake tafiya.

Kada kuma a wuce gona da iri a ce tazarar ba ta taɓa girma. Ana iya kimanta ta da `r^2*t/24` na jimillar kuɗin, don haka in ruwa ya ninka biyu, ita ninki huɗu take yi. A kan kashi 60 a shekara, wato kashi 5 duk wata, miliyan ɗaya na zama 1,795,856 wata-wata, 1,822,119 ba tsayawa: bambancin ya haura naira 26,000. Tsawon lokaci ma yana taimaka mata. A kan kashi 12 na shekara 30, wata-wata ya kai kusan miliyan 35.95, ba tsayawa kuma miliyan 36.60. Naira 650,000 ba abin rainawa ba ne, amma ko kashi 2 cikin ɗari na jimillar bai cika ba.