Yadda ake tara tambayoyin tarihi daga hadda zuwa auna hujja: kafuwar sarautar Katsinan Maradi

Malam, kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka taƙaita darasin. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo gaba ɗaya ya yi faɗi. Ɗauki yanki guda: yadda gidan sarautar Katsina ya rasa birninsa, ya sake kafuwa a nan Maradi.

Fara da tambayar da ta fi kowace wuya, ka rubuta ta a saman takarda: “Wasu na cewa Maradi ci gaban tsohuwar Katsina ce, wasu na cewa sabuwar ƙasa ce. Wanne ka fi yarda da shi? Kawo hujja biyu, ka kuma amsa hujja ɗaya ta ɗaya ɓangaren.” Sai ka tambayi kanka: me yaro zai sani kafin ya iya amsa wannan? Abin da ka lissafa, shi ne tambayoyin ƙasa, wato na matakan farko masu sauƙi. Da haka ba za ka cika rumbun tambayoyinka da shekarun da ba su da aiki ba.

Matakin hadda ba ya cin lokaci. A wace shekara Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu? 1804. Wane Sarkin Gobir ne ya rasu da aka ci Alƙalawa a 1808? Yunfa. Wa ya jagoranci Katsinawa suka zauna a Maradi? Ɗan Kasawa. Goma irin waɗannan sun isa.

Daga nan sai fahimta da aiki da ilimi. Ka ce ya bayyana da kalmominsa abin da ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Ka ba shi taswira babu sunaye, ya sa Katsina da Maradi da Tsibiri da Gulbin Maradi. Ka hautsina abubuwa huɗu, ya jera su bi da bi: hijirar Gudu, cin Alƙalawa, yaƙin Gawakuke na 1836, kafa Tsibiri.

A matakin tantancewa ne aka fi zamewa, don haka a nan za ka daɗe. Malamai da dama suna ganin da zarar sun rubuta “me ya sa”, tambaya ta hau sama. Ba haka ba ne. In ka riga ka rubuta dalilai uku a allo, yara suka kwafe a kaye, to “kawo dalilan jihadi” hadda ce kurum. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe kayen ɗalibi ka nemi amsar. In ka same ta a jere, mayar da tambayar matakin farko.

Ga yadda za ka ɗaga ta. Ba yaro abubuwa biyu da ya sani, ka bar masa aikin haɗa su: “A Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maradi Rauda sun faɗi a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan haka Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maradi. Me wannan maƙwabtaka ta amfana wa kowane ɓangare, wace matsala kuma za ta iya haifarwa?” Wanda ya sake ba da labarin yaƙin bai amsa ba. Wanda ya ce abokin gaba ɗaya ne ya haɗa su, amma sarakuna biyu a kwari ɗaya za su iya saɓawa kan gonaki da talakawa da wanda zai ja gaba, shi ne ya yi aikin.

Auna hujja kuwa ba “mene ne ra'ayinka” ba ne. Ina jin zafin ganin yaro ya samu maki don kawai ya yabi kakanninsa. A ajinka akwai Bakatsine da Bagobiri da Bafulatani, kowa da labarin da ya ji a gida, saboda haka makin ya tafi ga hujja. Misali: “Muhammadu Bello ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen farko a Infaƙul Maisuri, kuma da shi aka yi su. Maroƙan fada su ma suna da nasu labarin. Ta wace fuska za ka dogara da kowanne, a ina kuma za ka yi hattara?” Raba maki goma tun kafin jarrabawa: biyu ga matsayi bayyananne, huɗu ga hujjoji, biyu ga amsa wa ɗaya ɓangaren, biyu ga daidaiton sunaye da shekaru.

Kowace tambaya ka ba ta katinta. A gaba tambayar da matakinta, a baya amsar da ake nema da lambobin tambayoyin ƙasa da ta dogara a kansu. Amfanin lambobin yana fitowa ranar gyara. In yara sun faɗi tambayar Tsibiri, duba yadda suka yi a jerin abubuwa huɗun nan. In can ma sun faɗi, ba su riƙe labarin ba ne, sai ka koma kansa. In sun ci jerin amma suka kasa haɗawa, ka warware irinta guda tare da su a allo, sannan ka ba su wata sabuwa mako mai zuwa.