Taurari biyar a gida ɗaya: ku daina ƙirga, ku koyi awo

Na gaji da ganin masu koyon ilimin taurari suna buɗe taswirar haihuwar mutum, su hango taurari sun yi cincirindo a gida ɗaya cikin gidaje sha biyun da ake raba taswirar, nan take su yanke cewa rayuwarsa duka ta tattara a nan. Yawa daban, nauyi daban.

Kuskure na farko shi ne ƙirga kowane tauraro a matsayin ɗaya. Uɗaridu ba ya nisa da Rana fiye da daraja 28, Zuhura kuma ba ta wuce wajen 47. Saboda haka ganin su uku a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne, kullum tare suke yawo. Masu tafiyar hawainiya kuma su ne suka fi ruɗin yara. Duk wanda aka haifa a 1989 da 1990 yana da Zuhal da Yuranus da Naftun a burujin Jadyu, ko a Argungu aka haife shi ko a Makka. Abin da tsara guda ta yi tarayya a kai ba zai bambanta Musa da Isa ba. Ni a ƙa'idata, sai na ga taurari uku cikin bakwai na asali, wato Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhal, kuma akwai Wata ko Mirrihu ko ubangidan ɗali'i, wato tauraron da ke mulkin burujin da ke ketowa daga gabas lokacin haihuwa, a ciki, kafin na gyara zama. Wasu suna karɓar kowane uku. Can su gane.

Na biyu ya fi ƙona min rai, domin ya taɓa raba ni da mai neman sani da nake ganin girmansa: amincewa da lokacin haihuwa na ka-ce-na-ce. Gidaje ba sa tsayawa. Ɗali'i yana matsawa kusan daraja ɗaya a duk minti huɗu, gida guda kuma yana shuɗewa cikin kamar awa biyu.

Kwanan baya wani ƙanena a wannan fanni ya zo da taswirar wata mata da aka haifa a Birnin Kebbi wajen 10 ga Janairun 1990. Rana tana kusa da daraja 20 ta Jadyu, Uɗaridu da Zuhal suna wajen 17, Naftun 12, Yuranus 6. Jikinsa har rawa yake: “Yaya, biyar a gida na takwas, gidan mutuwa da gado!” Na ce ƙarfe nawa aka haife ta? Ya ce gwaggonta ta ce bayan la'asar. To bayan la'asar ɗin wa? A Kebbi cikin Janairu rana ba ta faɗuwa sai wajen shida da rabi. In ka sa ƙarfe biyar, gungun duka ya sauka gida na bakwai, na aure da abokan hulɗa. In ka sa huɗu da kwata, ya tsage biyu: Yuranus da Naftun sun gangara na bakwai, sauran ukun suna na takwas. Shi kuwa ƙarfe uku da rabi ya buga wa manhaja da ka, don kawai akwatin lokaci ya ƙi zama fanko. Da wannan za ka je ka tsorata matar mutane? Gaibu na Allah ne, wanda kuma yake yi wa mutane zancen ajali da taswira ba ilimi yake yi ba. In babu katin asibiti ko rubutun mahaifi, ina faɗin burujin, na yi shiru a kan gida.

Ko da lokacin ya inganta, sauran aiki na nan: wa ke da gidan? Jadyu gidan Zuhal ne, don haka duk sauran baƙinsa ne, halinsa za a fara dubawa. A wannan taswira yana gidansa, ƙarfi ke nan, amma tazararsa da Rana daraja uku ce kacal. Duk tauraron da ya shiga cikin daraja takwas da rabi na Rana, magabata sun ce ya ƙone, yana nan amma aikinsa a ɓoye. Uɗaridu ma ya ƙone, ga shi yana ja da baya. Biyar ɗin da ake ta kururuwa sun koma Rana ɗaya mai danne biyu, da wasu biyu na tsara. Can ɗaya gefen kuwa Mushtari yana zaune tare da Wata a Saraɗan, burujin ɗaukakarsa, ƙanen nawa ko kallonsa bai yi ba.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon zance. Tauraro a daraja 2 da wani a 28 ba haɗuwa suka yi ba, unguwa kawai suka tara. Ni in tazara ta wuce takwas ba na haɗa hukuncinsu. Gidan da babu tauraro ba matacce ba ne, a nemi ubangidansa. Gungu a gida na ɗaya, huɗu, bakwai ko goma ya fi fitowa fili da na gida na shida ko sha biyu. Kuma kafin ka buɗe baki, sauya tsarin gidaje a manhajar daga Placidus zuwa Whole Sign. In gungun ya yi ƙaura, faɗa wa mai taswirar cewa yana bakin iyaka, ka karanta masa gidajen biyu.