Darasi na Tara: Ɗaya Cikin Huɗu, Kashi 25 Cikin 100, 250 Cikin 1000

Kafin ruwan shuka ya sauka, manomi mai lura yakan gwada irin wakensa. Ana ɗibar ƙwayoyi daga saman buhu da tsakiyarsa da ƙasansa, kada a tsinci masu kyau kaɗai. A jera su a kan tsumma mai laima, a rufe da wani, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako guda a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira.

A ce wani manomi daga Tibiri ya jera ƙwaya 40, 30 suka tsira, 10 suka ƙi. Idan ya ce wa maƙwabcinsa "goma sun ƙi", bai gama magana ba. Tambayar da za ta biyo baya ita ce: goma cikin nawa? A wannan darasi, duk lambar da kuka ji, ku fara yi mata wannan tambayar.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ya saba da ita a baki. Ku kasa ƙwayoyin nan 40 kashi-kashi, goma-goma. Za ku samu kashi huɗu, kuma waɗanda suka ƙi tsira kashi guda ne. Wato ɗaya cikin huɗu. A kan allo ana rubuta shi 1/4. Lissafinsa: a raba jimilla da adadin da ake magana a kai, 40 ÷ 10 = 4.

Hanya ta biyu ita ce ta malaman gona da rediyo, wato kashi kaza cikin ɗari. Nufinta: da ƙwaya 100 cif aka jera, nawa ne za su ƙi? A ninka adadin sau 100, sannan a raba da jimilla:

10 × 100 = 1000
1000 ÷ 40 = 25

Kashi 25 cikin 100 ke nan, a rubuce 25%. Mai wayar salula na iya danna 10 × 100 ÷ 40 = ya ga amsar. Wanda kuma ba ya son wahalar lissafi, sai ya jera ƙwaya 100 tun farko, layi goma, kowane layi ƙwaya goma. Abin da ya ƙirga shi ne kason, ba ninkawa ba rabawa.

To me ya sa za a sha wahalar maida komai kan ɗari? Saboda gwada abu biyu da ba su zo daidai ba. A ce wata mata a Madarunfa ta jera ƙwaya 75 na nata irin, 15 suka ƙi. Mai jin magana sama-sama zai ce irinta ya fi lalacewa, tun da 15 ta fi 10. Ku lissafa: 15 × 100 = 1500, a raba da 75, ya ba da 20. Nata kashi 20 cikin 100 ne, ɗaya cikin biyar. Na mutumin Tibiri kashi 25. Ashe irin matar ne ya fi kyau. Shi kuwa mutumin, tun da uku ne ke tsira cikin kowace huɗu, gonar da ya saba shukawa da tiya 3 ta iri mai kyau sai ya tanadar mata tiya 4.

Ku lura da wani abu da ke ruɗa masu koyo: ɗaya cikin biyar bai kai ɗaya cikin huɗu ba, ko da yake biyar ta fi huɗu. Tuwon da mutum biyar suka sa wa hannu, rabon kowa bai kai na mutum huɗu ba. Haka kuma ɗaya cikin huɗu ba shi ne kashi 4 cikin 100 ba. Kashi 4 cikin 100 ɗaya ne cikin 25, abu kaɗan ƙwarai.

Akwai kuma kuskuren gauraye. Wanda ya zuba tiya ɗaya ta wake a kan tiya huɗu ta hatsi yakan ce waken ɗaya ne cikin huɗu. A'a. Abin da ke cikin buhun tiya biyar ne, don haka waken ɗaya ne cikin biyar, kashi 20 cikin 100. Jimilla tana haɗawa da shi kansa abin da ake aunawa.

Hanya ta uku, kaza cikin dubu, ana rubuta ta da alamar ‰, wadda ta ɗara % da ƙaramin sifiri guda. Lissafin bai canza ba, sai dai a ninka sau 1000 maimakon 100. Irin mutumin Tibiri 250 ne cikin 1000. Amma ba a cika amfani da ita ga abu mai yawa haka ba. An fi ɗauko ta idan abin kaɗan ne, har lissafin ɗari ya fito da ɓari, shi ya sa ma'aikatan likita da masu ƙidayar jama'a ke faɗin haihuwa da mutuwa cikin dubu. Misali, gari mai mutum 2000 da aka yi haihuwa 90 a shekara: 90 × 1000 ÷ 2000 = 45. Haihuwa 45 cikin 1000. A lissafin ɗari sai ya zama huɗu da rabi, wanda takardunmu ke rubutawa 4,5% da waƙafi, waya kuwa takan nuna 4.5 da ɗigo. Duka abu guda ne. Haɗarin shi ne mutum ya ga 45‰ ya karanta 45%, ya fita yana cewa kusan rabin gari, alhali ya ninka abin sau goma.

Zakka ta daɗe da koya mana waɗannan hanyoyi. Idan amfanin gona ya kai nisabi, wanda ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wato 10%: mai dami 40 zai fitar da 4. Wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar noman rani da injin ban ruwa irin na Jiratawa, ɗaya ne cikin ashirin, 5%. Zakkar kuɗi kuwa, idan sun kai nisabi kuma suka shekara, ɗaya ce cikin arba'in. Wannan shi ne 2,5%, kuma shi ne 25 cikin 1000. Na ƙarshen ya fi sauƙin riƙewa, domin jika ɗaya 1000 aka rubuta a jikinta: kowace jika a cire 25, wato dala biyar.

A nan sai a yi hattara. A kasuwar Maraɗi baki da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Idan aka ce ladar dillali 5% ce a kan jika ɗaya, 50 ce a rubuce, dala goma a baki. Wanda ya ji 50 ya ƙirga dala hamsin ya biya 250, ya ba da ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. Ku yi lissafin gaba ɗaya da lambar da ke rubuce, sai kun samu amsa sannan ku raba ta da biyar ku faɗe ta da dala.

Aikin gida: buhun hatsi mai tiya 40, aka sheƙe, aka fitar da tiya 2 ta ƙasa da ƙaiƙayi. Ku rubuta wannan ta hanyoyi uku. Sannan a ajinku ku ƙirga duka ɗalibai, ku ƙirga masu wayar salula, ku fitar da kasonsu cikin 100. Idan rabon bai tafi daidai ba, ku ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa, ku sa mata "kusan" a gaba.