Sabon zuwa Birtaniya: ka zaɓi masallacinka tun Sha'aban bai ƙare ba

A gida, maganar tsayuwar wata ba ta wahalar da kowa. Daren 29 ga Sha'aban ana kasa kunne a rediyo, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi sanarwa daga Sakkwato, in Sallah ta zo kuma gwamnati ta ba da hutu, shi ke nan. A Nijar ma hukuma ɗaya ake jira. Birtaniya ba ta da sarkin da zai yi wannan sanarwa, ba ta da hukuma guda da duk masallatai suka yi wa mubaya'a a kai. A unguwa ɗaya ta Birmingham ko Manchester, wani masallaci zai fara asham yau, na bayan layi sai gobe. Duk shekara sababbin zuwa cikin 'yan'uwanmu suna faɗawa rami iri ɗaya, kuma abin da ciwo, domin tambaya guda kafin watan ya kama ta isa ta kare su.

Asalin hukuncin kowa ya karanta a Islamiyya. Wata ko dai kwana 29 ne ko 30. Ana fita duba bayan faɗuwar rana a ranar 29. In an ga jinjirin wata, daren nan ne ɗaya ga sabon wata, in ba a gani ba a cika talatin. Ba mai jayayya a nan.

Inda aka rabu shi ne ganin wane ne ya hau kanka. Tsohuwar magana ce. A Sahihu Muslim akwai labarin Kuraib, wanda ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina ya tarar su daren Asabar suka gani, Ibn Abbas kuma bai koma kan ganin mutanen Sham ba. Daga nan wasu malamai suka ce kowane yanki da ganinsa, wasu suka ce in ya tabbata a wani wuri ya wajaba a kan duk wanda labarin ya isar wa. A Birtaniya wannan saɓani ya haifi hanyoyi uku. Manyan masallatai da yawa suna bin sanarwar Kotun Ƙoli ta Saudiyya. Wasu suna duba a cikin ƙasar, kuma saboda gajimare kan rufe yamma, sai su jingina da Maroko, wadda take kusa kuma aka san ta da tsananta bincike kafin sanarwa. Masallatan Turkawa kuwa lissafi suke bi, suna da ranakunsu tun kafin shekarar ta shigo.

Sai ka fahimci yadda watan kansa yake tafiya kafin rigimar ta yi maka ma'ana. Sau ɗaya a kowane zagaye, wato kusan kwana 29 da rabi, wata yana shiga tsakanin duniya da rana. Wannan lokacin masana falaki ke kira haihuwar wata, kuma daƙiƙa ɗaya ce ga duk duniya. Amma a sa'ar nan ba a ganinsa, domin ɓangarensa mai haske yana fuskantar rana ne. Sai ya matsa daga rana sannu a hankali, kamar digiri 12 a yini guda. In tazarar ba ta kai kimanin digiri 7 ba, zaren hasken bai isa ido ya kama shi ba ko da sama fes take. A ganin ido mafi wuri da masana suka tabbatar, watan yana da wajen awa 15 da rabi da haihuwa, kuma galibi sai ya haura haka sosai kafin mutum gama-gari ya hango shi. Tunda rana tana faɗuwa a gabas kafin yamma, duk ƙasar da take yamma tana samun wata mafi girma a magaribarta. Shi ya sa abin da ya gagari mai duba a Pakistan yana iya bayyana a Maroko ko Amurka a daren nan ɗaya.

Ɗauki azumin 2025. An haifi watan Ramadan da tsakar daren Juma'a 28 ga Fabrairu. Saudiyya ta sanar da gani da yammacin ranar, aka tashi da azumi Asabar 1 ga Maris, haka ma Najeriya. Maroko ba ta gani ba, ta cika Sha'aban talatin, ta fara Lahadi 2 ga Maris. Masallatan Birtaniya suka rabu gida biyu tun daga nan. A ƙarshen watan, haihuwar Shawwal ta faɗo Asabar 29 ga Maris dab da ƙarfe 11 na safe agogon Landan, kuma mutanen Birtaniya sun shaida ta da idonsu, domin an yi kusufin rana na wani sashe a safiyar. Lokacin da rana ta faɗi a Makka, watan bai cika awa biyar ba. Saudiyya ta karɓi shaidar masu gani, ta yi Sallah Lahadi 30 ga Maris, Najeriya ma Lahadin. Masana falaki da yawa suka ce ganin ido a wannan yanayi ba ya yiwuwa. Maroko kuma ranar Lahadin ce 29 ga Ramadan a wurinta. Ta duba, ta gani, ta yi Sallah Litinin 31 ga Maris.

Yanzu ƙirga. Wanda ya bi Saudiyya daga farko har ƙarshe ya yi azumi 29. Wanda ya bi Maroko daga farko har ƙarshe shi ma 29 ya yi. Amma ɗalibin da ya fara ranar 2 ga Maris tare da masallacin kusa da ɗakinsa, sannan daren Asabar ya ga hotunan lalle da ɗinkin Sallah suna shigowa daga Kano, zuciyarsa ta karye ya bi abokai Idin Lahadi, azumi 28 ya yi. Babu wata mai kwana 28 a Musulunci. Ramuwar yini ɗaya tana kansa, kuma da yawa ba su ma lura ba sai an ƙirga musu da yatsa. Wannan ita ce ɓarnar tsalle daga wannan reshe zuwa wancan, kuma ita ce ta fi yawa.

Shawarar a fili take, ɗan'uwa. Kafin tsakiyar Sha'aban, ka je masallacin da kake Juma'a ka tambayi liman ko kwamiti: wa kuke bi wajen tsayuwar wata? Ka tsaya a kan amsar nan daga ɗaukar azumi har ajiye shi, kai da iyalinka gaba ɗaya. Sanarwar Sarkin Musulmi ta mutanen da ke ƙarƙashinsa ce a gida. Ka kira Hajiya ka yi mata barka da Sallah ranar tasu, amma kai da jama'ar garin da kake za ka yi. Mata da miji su daidaita tun da wuri, don ba a azumi ranar Idi, kuma gida ɗaya wani na cin tuwon Sallah wani na riƙe da baki abu ne mai ɓata zumunci. Ƙirgar goman ƙarshe ma tana bin wannan zaɓi: daren 27 na wannan masallaci shi ne daren 26 na wancan.

Sai maganar wurin aiki, inda aka fi zubar da hawaye. Sallah ba ta cikin ranakun hutun gwamnati a nan. Daga cikin hutunka na shekara za ka cire ta, wanda ga mai aikin kwana biyar a mako doka ta ba shi kwana 28. Ƙa'idar neman hutu ita ce ka ba da sanarwa tun da sauran aƙalla ninki biyu na kwanakin da kake so, sai dai in takardar yarjejeniyar aikinka ta faɗi wani abu dabam, kuma galibi ta faɗa. Masu aikin kula da tsofaffi da ma'aikatan asibiti, jadawalinsu ana fitar da shi makonni kafin lokacin. Manaja na da ikon ƙin amincewa in babu mai riƙe wurin. To sanarwar wata ba ta zuwa sai jajibere: ta Saudiyya da la'asar ɗin Birtaniya, ta Maroko sai bayan magariba, wani lokaci har bayan isha. Wanda ya jira sanarwa kafin ya rubuta wa manaja ya makara, kuma ƙin zuwa aiki ba izini laifi ne da ake rubutawa a fayil, abin da mai bizar aiki bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Dabarar da tsofaffin zuwa suke yi mai sauƙi ce. Ranar da ka ɗauki azumi ka san ranar 29, saboda haka Sallah ba za ta wuce ɗaya daga cikin kwana biyu ba. Ka nemi duka biyun a rubuce, ka bayyana cewa ranar tana bin ganin wata ne kuma za ka mayar da ɗaya in an yarda. Gara ma ka nema tun kafin azumi, da kwana uku a lissafi. In ba a ba ka ba, nemi musanya da abokin aiki, ko aikin yamma, tunda manyan masallatai kan yi Idi sahu-sahu daga sassafe har hantsi. Makarantar yara kuma tana amincewa da fashin ranar ibada, amma a sanar da ofishinta tun da wuri, a faɗi ranakun biyu. Ka kuma duba agogo: a 2025 Idin Lahadin ya faɗo daidai ranar da ake tura agogo gaba da awa ɗaya, wato Lahadin ƙarshe ta Maris. Zakkar fidda-kai ka fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin nan, domin in ta hannun masallaci za ta bi, suna buƙatar lokacin isar da ita kafin a sauko Idi.

Da Babbar Sallah a ƙara kula. Ba a yanka a bayan gida a ƙasar nan, sai a mayanka mai lasisi, don haka ta hannun mahauci ake bi. Ka tambaye shi wace rana zai yanka. In shi Saudiyya yake bi kai kuma masallacinku sai washegari, ragonka na iya faɗuwa kafin ka yi sallar Idi, layya kuwa bayan salla take.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji in an ga wata bayan an cika talatin: "Kai, wannan wata ai na jiya ne, dubi girmansa." Girma ba hujja ba ce. Watan da ya kuɓuce wa ido jiya da ƙyar, yau ya ƙara awa 24, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe bai faɗi ba. Mai son gani da kansa ya sami wuri mai buɗaɗɗen yamma, tudu ko bakin teku, ya isa kafin magariba, ya lura da inda rana ta nutse, ya fara duba sama da wurin kaɗan bayan minti 15 zuwa 20. Jinjirin farko siririn zare ne, kuma yakan bi rana ya faɗi cikin ƙasa da awa guda. Kada a ɗora madubin hangen nesa a ido sai rana ta ɓace gaba ɗaya. In ka gani, ka rubuta lokaci da wurin da kake tsaye da ɓangaren da ƙahonninsa suka fuskanta, ka kai wa limaminku a daren, don waɗannan ne tambayoyin da za a yi maka kafin a karɓi shaidarka.