Darasi na Shida: Yadda Ake Tsara Bitar Mako Huɗu Kan Kasafin Kuɗi da Tanadi

Wannan darasi naku ne, ku malamai masu shirya wa matasan ma'aikata bitar da kowa zai yi da kansa a gida, a lokacin da ya samu. Ku tuna ba za ku kasance kusa da ɗalibi ba sa'ad da yake aikin. Duk abin da ba ku rubuta ba, ba wanda zai faɗa masa. Saboda haka kada ku ce wani abu a fili yake. Ku rubuta shi.

Kayan aiki

Kowane ɗalibi yana bukatar littafin rubutu guda ɗaya ƙarami wanda zai shiga aljihu ko jaka, da biro, da ambulan huɗu. Ku kuma za ku shirya takarda huɗu, ɗaya ga kowane mako. Kada takardar mako ta wuce shafi ɗaya a gaba, amsoshin gwaji kuma su zauna a bayanta. Karatun takardar kada ya ci fiye da minti 15, aikin kullum kuma minti 5. Mutumin da ya wuni yana aiki, idan aka ɗora masa fiye da haka, zai ajiye littafin tun kwana na uku.

A duk misalanku ku yi amfani da mutum ɗaya da albashi ɗaya daga farko har ƙarshe. A nan mun ɗauki ma'aikaci mai karɓar 1,000 a wata, kowane irin kuɗi ne. Wannan shi ne abin da yake shiga hannunsa bayan an cire duk abin da ake cirewa, ba adadin da aka ambata masa ranar ɗaukar aiki ba. Ku bayyana wannan a takarda, domin da yawa suna yin lissafi da kuɗin da bai taɓa zuwa hannunsu ba.

Mako na ɗaya: rubuta abin da aka kashe

A wannan mako ba a yin kasafi, ba a rage kashe kuɗi, ba a ajiya. Aiki ɗaya ne kawai: ɗalibi ya rubuta duk abin da ya fita daga hannunsa. A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ku zana masa shafin a takarda yadda zai kwafa. Ya ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya kasu gida uku. Gida na farko: kwanan wata. Gida na biyu: abin da aka biya. Gida na uku: nawa. Kowace rana da shafinta. A saman shafin ya rubuta kuɗin da ya wayi gari da su, na aljihu da na waya ko banki a haɗe.

Sai ku rubuta masa wannan umarni da manyan baƙaƙe: "Da ka biya, ka rubuta, kafin ka bar wurin." Mace kuma: "Da kin biya, ki rubuta." Dalilin shi ne ƙananan kuɗi su ne suke ɓacewa daga tunani. Babu mai manta kuɗin haya, amma abin da aka ba wani a hanya, ko cajin da aka cire wajen tura kuɗi, kafin dare ya shige. Wanda ya bari sai Lahadi ya zauna ya cike mako guda, ƙiyasi ya rubuta, kuma ƙiyasi sau da yawa ƙasa yake da gaskiya.

Da dare akwai gwaji, kuma shi ne zai tsaya a madadinku. Ku nuna shi da lambobi. Ɗalibinmu ya wayi gari da 120. Ya rubuta kuɗin mota 5, abinci 10, katin waya 3. Ya tara: 18. Ya debe 18 daga 120: saura 102. Yanzu ya ƙirga abin da ke hannunsa da gaske, sai ya ga 98. An rasa 4. Idan ya tuna inda suka tafi, ya rubuta. Idan bai tuna ba, ya rubuta a gida na biyu "ban sani ba", a gida na uku 4. Gobe zai fara da 98, ba 102 ba. Idan kuɗi sun shigo a ranar, ya fara tara su da na safe kafin ya debe.

Ku gaya masa babu abin kunya a layin "ban sani ba". Kowa yana da shi a makon farko, kuma yana raguwa da kansa idan ana rubutu nan take. Abin da ba a so shi ne a ƙara 4 ɗin a kan abinci don lissafi ya daidaita. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofar da ya kamata ya gani.

Mu maimaita, domin za a manta. A biya, a rubuta. Da dare a tara, a debe, a ƙirga na hannu, a rubuta bambancin. Ku sa waɗannan kalmomi a saman takardar makon farko, ku sake sa su a ƙasanta, ku kuma sa su a takardun sauran makonni uku. Kada ku ji tsoron cewa za su gundure shi.

Yaya za ku gane littafin da aka cika a zama ɗaya? Lambobin duk cikakku ne, goma-goma da hamsin-hamsin, rubutun iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma babu "ban sani ba" ko sau ɗaya. Ku rubuta waɗannan alamomi a bayan takarda domin ɗalibi ya duba kansa. Ku kuma kafa sharaɗi: ba a buɗe takarda ta biyu sai an cika kwana bakwai. Wanda ya tsallake rana, kada ya koma ya ƙirƙira. Ya ja layi a shafin, ya ƙirga kuɗin hannunsa, ya ci gaba, ya ƙara kwana ɗaya a ƙarshe. Idan makonsa na ɗaya ya ci kwana goma, babu laifi, ai don haka aka ce kowa da saurinsa.

Ku ma malamai, ana ganin wasunku suna gaggawar wuce wannan mako don su kai ga maganar tanadi, wai ita ce mai daɗin koyarwa. Ku daina. Kasafin da aka gina a kan lambobin ƙiyasi ba ya kai tsakiyar wata, kuma idan ya rushe ɗalibi kansa zai zarga, alhali laifin mai tsara takarda ne.

Mako na biyu: daga mako zuwa wata

Rubutun kullum yana nan, ba a tsayar da shi. A biya, a rubuta. Abin da aka ƙara shi ne tara kwana bakwan da suka wuce iri-iri. Na ɗalibinmu ya fito haka: abinci 70, mota 35, katin waya 21, ƙananan saye-saye 28, "ban sani ba" 14. Jimla 168.

Kuskuren wannan mako shi ne ninka 168 sau huɗu a ce an sami kuɗin wata. Shekara mako 52 ce, wata kuma 12, saboda haka wata ɗaya yana da mako huɗu da sulusi. Ku koya masa hanya mai sauƙi: ya ninka sau huɗu, ya sami 672, sannan ya raba 168 gida uku, ya sami 56, ya tara su. Amsa 728.

Daga nan sai kuɗaɗen da ba su bayyana a littafin mako ba. Idan haya 1,800 ce a shekara, a raba 12, kowane wata 150. Taimakon iyali 60, biyan bashi 50. A tara da 728, an sami 988. Daga albashin 1,000 saura 12. Da ya ninka sau huɗu kawai, da ya zaci 68 ne suka rage masa, ya yi ta mamakin inda suke shiga. Ku bar masa layuka a buɗe domin kuɗin makaranta, magani, sutura da duk abin da ke zuwa jefi-jefi, ku kuma ba shi misali biyu na gwaji, amsarsu a baya.

Wanda abin da yake samu yake hawa da sauka, ya duba watanni uku da suka wuce, ya yi lissafi da mafi ƙanƙanta.

Mako na uku: kasafi da ajiya

Yanzu ne ake ragi, kuma daga wuri biyu ko uku kawai. Ɗalibinmu ya mai da ƙananan saye-saye daga 28 zuwa 18, kati daga 21 zuwa 16, "ban sani ba" daga 14 zuwa 7. An sami 22 a mako, wajen 95 a wata. Da 12 na baya, 107 ke nan. Kada ya ajiye duka. Ya ajiye 80, ya bar 27 don abin da ba a zata ba, in ba haka ba zai koma ya taɓa ajiyar tun watan farko.

Akwai ƙa'idar da ake yawan ambata, ta raba albashi kashi 50 na bukatun dole, 30 na sha'awa, 20 na tanadi da biyan bashi. Mai ƙaramin albashi bukatunsa na dole sukan wuce rabi nesa ba kusa ba, don haka kada ku tilasta ta. Lambobin littafinsa su za a bi.

A cire 80 ɗin ranar da albashi ya shigo, kafin a sayi komai, a sa su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Na haya 150 ma a ware a ranar. Ambulan huɗun na kuɗin mako ne: abinci, mota, kati, sauran abubuwa, kuma a cika su mako-mako. Wanda kuɗinsa ke cikin waya ya rubuta adadin a bayan ambulan yana debewa. Rubutun kullum dai yana nan. Mun faɗa, mun sake faɗa, domin a wannan makon ɗalibai sukan yi watsi da shi.

Mako na huɗu: dubawa

Ɗalibi ya tara kwana bakwan da suka wuce, ya kwatanta da kasafinsa na 146 a mako. Inda ya zarce, ya gyara adadin ko ya rage wani wuri. Ya rubuta abin da ajiyar take jira: 80 sau 12 sun zama 960, kusan albashin wata guda, na ranar rashin lafiya ko rasa aiki. Takardar nan rabin shafi ya isa. A ƙasanta ku zana masa shafin kasafin wata mai zuwa babu lambobi, ya cike da kansa kwana ɗaya kafin albashi.