Kurakuran da Ke Sa Takardar Tayi Ta Kwana a Kan Teburin Kamfani

Kuskuren da ke haifar da sauran kurakurai shi ne rubuta takardar tayi domin mutumin da aka zauna da shi kawai. A babban kamfani, wanda ya saurare ka da wuya ya zama shi ne mai sa hannu, domin takardar za ta wuce sashen sayayya, ta je sashen kuɗi, wani lokaci har lauyan kamfani ya duba ta, kuma babu ɗayansu da ya ji bayanin da ka yi da baki. Duk abin da ba ka rubuta ba, a wurinsu babu shi.

An fi yin tuntuɓe a wajen fayyace iyakar aiki. A ɗauki misalin mai horar da ma'aikata wanda wani kamfani ya nema domin ya koya wa ma'aikatansa amfani da sabuwar manhajar lissafi. Idan ya rubuta cewa zai "horar da ma'aikata har su ƙware", ya ɗaure kansa da igiyar da ba ta da ƙarshe, saboda ba a san ma'aikata nawa ba ne, ba a kuma san wanda zai yanke hukunci cewa sun ƙware ba. Gyaran shi ne ya rubuta abin da za a iya ƙirgawa: ma'aikata 60, rukuni uku na mutum 20, kowane rukuni kwana biyu, tare da littafin jagora da rahoto ɗaya bayan kammalawa. Sannan ya faɗi abin da ba ya cikin aikin, kamar girka manhajar da kwashe tsofaffin bayanai zuwa cikinta, da abin da ke wuyan kamfanin, kamar ɗakin horo da kwamfutoci da sunayen mahalarta mako guda kafin a fara. Mutane da yawa suna jin nauyin rubuta wannan sashe don kada a ga kamar rowa suke yi, amma a ganina shi ne ya fi kare zumunci, domin ranar da aka ce a ƙara mutum 15, takardar ta riga ta nuna cewa ƙari ne mai farashinsa. Hanyar gane iyaka mai rauni kuwa mai sauƙi ce: a miƙa wa wanda bai halarci zaman ba, a tambaye shi yaushe aikin zai ƙare. In ya kasa amsawa, da sauran gyara.

Wajen farashi, wasu suna ba da adadi ɗaya tak, sai ya zama ko a karɓa ko a ƙi, wasu kuma su jera zaɓi shida su rikita mai karatu. Biyu ko uku sun wadatar, muddin bambancinsu yana cikin aikin da za a yi. A misalinmu, zaɓin farko horon ne kaɗai, na biyu ya ƙara wata uku na amsa tambayoyin ma'aikata, na uku kuma ya haɗa da horar da mutum huɗu daga cikinsu domin su ci gaba da koyar da sababbin ɗauka. Marubucin ya faɗi wanda yake ba da shawara a ɗauka da dalilinsa, misali na biyu, tun da yawancin tambayoyi suna tasowa ne lokacin rufe lissafin wata na farko. Amfanin wannan tsari yana bayyana idan aka nemi ragi, domin maimakon ya rage kuɗi a kan aiki iri ɗaya, sai ya nuna zaɓin da ke ƙasa. Kada kuma a manta a rubuta ko farashin ya haɗa da haraji, da yadda za a biya, kamar kashi 40 cikin ɗari kafin alƙalami da sauran bayan miƙa rahoto, da wa'adin da tayin zai daina aiki, kamar kwana 30.

Kuskure na ƙarshe shi ne rufewa da "muna jiran amsarku", wadda ba ta ɗora wa kowa wani aiki ba. A nemi abu ɗaya kawai, a faɗi wanda zai yi shi da ranar: shugaban sashen ma'aikata ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun, ya sa hannu a shafin ƙarshe kafin ranar 14 ga wata, domin rukunin farko ya fara ranar 28. Idan kuma ƙa'idar kamfanin ita ce sai an yi wa mai kwangila rajista ko an fitar da takardar odar saye kafin a fara aiki, to a tambayi wannan tun a zaman farko, a sa shi a matsayin matakin, a kuma haɗa takardun rajistar da tayin a aika tare.