Kurakuran da baƙon da ba Musulmi ba kan yi a ɗaurin aure da suna a Sakkwato

Wani abokin aikina Kirista, ɗan ƙasar Zuru, an gayyace shi suna a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Ya sha ado, ya ɗauko matarsa, suka isa da ƙarfe goma na safe. Sai ya tarar an naɗe tabarmi, rago ma har an feɗe. Ya koma gida yana cewa an raina shi, alhali babu wanda ya faɗa masa cewa bikin suna taro biyu ne, na maza daban, na mata daban.

Raɗin suna ana yin sa ne ran kwana na bakwai da haihuwa, da sassafe bayan sallar asuba, a ƙofar gida ko a masallacin unguwa. Liman ya yi addu'a, a faɗi sunan jariri, a raba goro da dabino, kafin ƙarfe takwas kowa ya kama gabansa. Wannan na maza ne. Mata sai hantsi ya ɗaga suke fara zuwa, su wuni a cikin gida har yamma. Ɗaurin aure ma haka yake: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, a shafa fatiha, cikin kamar minti goma sha biyar an gama. Amarya ba ta wurin, kada ka tsaya dubanta. Saboda haka in an ba ka kati, tambayi mai gayya kai tsaye: wanne ne nawa, wanne ne na mai ɗakina, kuma ƙarfe nawa?

In a masallaci za a ɗaura, kamar bayan sallar Juma'a a Masallacin Shehu, ba sai ka kutsa ciki ba. Ka tsaya a waje inda jama'a suka yi cincirindo, ango zai fito ku gaisa. Lokacin addu'a kuma wasu baƙi kan rikice, su hau kwaikwayon abin da ba su sani ba. Babu wanda ya ɗora maka. Ka yi shiru, ka ajiye waya, in ka ga dama ka ce amin.

Wajen gaisuwa ne aka fi yin tuntuɓe. Namiji ba ya miƙa wa matar aure hannu, mace ma ba ta miƙa wa namiji, balle runguma. Ko dattijo namiji, ba kai za ka fara miƙa masa hannu ba, ka rusuna, ka ce, "Baba, ina kwana? Ina gajiya?" In ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu. In ka ji ya ce "lahiya lau", bakin Sakkwatawa ke nan, ba sai ka kwaikwaya ba, don a bakin baƙo yakan zama kamar zolaya. Ga mai haihuwa ana cewa "Barka, Allah ya raya", ga ango kuwa "Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya". Kuma iyakar namiji baƙo zaure. Ka yi sallama ka jira, ko da ka ga yara na shige da fice. In kana son ganin jariri, za a fito maka da shi.

Sutura ba ta da wuya. Kaftani da hula sun wadatar, riga mai dogon hannu da dogon wando ma babu mai cewa uffan. Gajeren wando ne abin kunya, ko da a zafin Afrilu ne. Mace ta ɗaura atamfa har idon sawu, da ɗankwali da gyale mai rufe kafaɗa. Ba a buƙatar ta sa hijabi. Abin da ya fi yawan kama mutane shi ne takalmi: ba a taka tabarma ko darduma da shi, don haka zaɓi wanda za ka zare ba tare da kwance igiya ba.

In an kawo masa ko tuwon shinkafa a faranti ɗaya, ka wanke hannu, ka ci da dama, daga gabanka. Da dama ake karɓa, da ita ake miƙawa, ko da kai bahago ne. Goron da aka miƙo maka kada ka ce ba ka ci. Karɓa ka jefa aljihu, don shaidar halarta ce, wani a gida zai tauna.

Wajen gudummawa, giya ba ta shigo zance ba, ko wadda aka naɗe da takarda mai ƙyalli. Naman da ka yanka a gida ma bar shi, za ka sa masu gida cikin tsaka mai wuya, su kasa ci su kasa mayarwa. Kuɗi a ambulan ya fi sauƙi. Mace kuma ta kai wa maijego turmin atamfa, ko sabulu da kayan jariri, ta damƙa a hannun uwar maijego ko ƙanwarta, don su ke riƙe lissafin wanda ya kawo me.